Kafe da ƙwannafi: shin kafe mai ƙarancin tsami yana raba mutum da zafin ƙirji?

Akwai wata tambaya da ke yawan fitowa duk lokacin da aka taɓo zancen ciwon ciki: mutum ya sha kafe da safe, ko awa ɗaya ba a yi ba sai ya ji zafi yana taso masa daga ƙasan ƙirji zuwa maƙogwaro, wani lokaci har da gyatsa mai tsami. Wani ya ce masa ya bar kafe kwata-kwata. Wani kuma ya ce a'a, ai yanzu akwai kafe mai ƙarancin tsami da ake kawowa daga waje, ko kuma a jiƙa shi da ruwan sanyi, shi ke nan magana ta ƙare. To wanne ne gaskiya? Domin wanda ke tashi tun asuba ya kama aiki, barin kafe ba ƙaramin abu ba ne gare shi, kuma kafen nan na musamman ba shi da arha. Ya kamata mutum ya san abin da zai saya da kuɗinsa.

Me ke faruwa a ciki idan ƙwannafi ya taso

Tsakanin maƙogwaro da tumbi akwai bututun da abinci ke bi. A ƙarshen bututun nan, daidai inda ya haɗu da tumbi, akwai wata tsoka mai kamar zobe. Aikinta kamar na mai gadin ƙofa ne: ta buɗe abinci ya wuce, ta rufe kar wani abu ya dawo sama. Shi tumbi yana da ruwa mai tsananin tsami da yake narkar da abinci da shi, kuma an halicci bangonsa da kariyar da ke jure wannan ruwa. Bututun abinci ba shi da irin wannan kariya. Idan tsokar ta saki a lokacin da bai kamata ba, ko tumbi ya cika ya yi tanƙam har ya tura ƙofar, sai ruwan ya hau sama ya ƙona bututun. Wannan ƙunar ita ce ƙwannafi.

Ka ga ke nan abu biyu ne ke haɗuwa: yawan ruwan tsamin da tumbi ya zubo, da kuma ƙarfin ƙofar. Duk maganar kafe a kan waɗannan biyun take tafiya.

Tsamin da ke cikin kofi ba shi ne mai ƙona ka ba

Masana suna auna tsami da wani ma'auni da ake rubutawa pH. Ruwan sha yana wajen 7. Duk lokacin da lambar ta sauka da ɗaya, ƙarfin tsamin ya ninka sau goma. Kafen da aka dafa yana wajen 5. Ruwan lemu yana wajen 3 da rabi, baƙin lemun kwalba mai gas yana wajen 2 da rabi. Shi kuwa ruwan tumbi, idan ciki ba kome, yana iya zama wajen 2 ko ma ƙasa da haka.

Mu yi lissafi. Daga 5 zuwa 2 hawa uku ne. Goma sau goma sau goma, dubu ke nan. Wato ruwan da ke cikin tumbinka ya fi kafen da ka sha tsami har sau dubu. Don haka in aka ce tsamin kafe ne ke ƙona ƙirji, kamar a ce wanda ya zuba ɗan gishiri cikin teku shi ya sa teku ta yi gishiri.

Abin da kafe ke yi daban ne. Yana ɗauke da sinadarai da ke zuga tumbi ya zubo nasa ruwan tsamin. Kafeyin, wato sinadarin da ke kore barci, yana cikinsu, amma ba shi kaɗai ba ne. Tun a 1975 wasu likitoci biyu a Amurka, Cohen da Booth, suka gwada wannan. Sun ba mutane kafe na yau da kullum, da kafen da aka cire wa kafeyin, da kuma kafeyin zalla. Suka tarar kafen nan biyu, har da wanda ba shi da kafeyin, sun fi kafeyin zalla sa tumbi ya zubo ruwa. Ashe akwai waɗansu abubuwa cikin ƙwayar da ke wannan aiki.

Game da ƙofar kuwa, bincike ya rabu biyu: wasu sun auna sun ga kafe yana sassauta ta, wasu ba su ga haka ba. Ko a manyan binciken da aka yi kan dubban mutane, amsar ba ɗaya ba ce. A Japan, a 2013, an duba mutum fiye da 8,000, ba a ga alaƙa tsakanin shan kafe da gyambon ciki ko ciwon ƙwannafi ba. A Amurka kuma, wani binciken da aka fitar a 2020 kan mata ma'aikatan jinya kusan 48,000 ya nuna masu shan kafe da yawa a rana sun ɗan fi yawan kuka da ƙwannafi, haka ma masu yawan shan shayi da lemun kwalba. Abin da za a ɗauka a nan shi ne: kafe ba ya damun kowa, amma akwai waɗanda yake damu da gaske. Jikin kowa ne zai faɗa masa ko yana cikinsu.

To ina amfanin ƙwaya mai ƙarancin tsami?

Kafen da duniya ke sha iri biyu ne manya. Akwai arabika, wanda asalinsa tsaunukan ƙasar Habasha ne, mai ƙamshi da ɗan tsami-tsami a baki. Akwai robusta, wanda ake nomawa a ƙasashe masu zafi da damshi kamar Kot Dibuwar, mai ɗaci da kauri, ba ya da tsami sosai a harshe. Garin kafen da ke narkewa nan take, wanda muke kira neskafe ko da wane kamfani ya yi shi, wanda kuma shi ne ke kan teburin kusan kowane mai shayi daga Maraɗi har Damagaram, galibinsa da robusta ake yin sa.

A nan ne abin mamakin yake. Idan masu sayar da kafe suka ce ƙwaya tana da ƙarancin tsami, yawanci ɗanɗano suke nufi, abin da harshe ke ji. Ta wannan ma'auni, robusta ɗinmu ma mai ƙarancin tsami ne. Amma kafeyin ɗinsa ya kusa ninka na arabika sau biyu: arabika yana da kamar kashi 1 da ɗoriya cikin ɗari na nauyinsa, robusta ya haura kashi 2. Wato kafe na iya zama ba tsami a baki, amma ya fi zuga tumbi. Harshe ba ya auna abin da ciki zai yi.

An ma gwada irin wannan kafe kai tsaye. A 2003 wani likita mai suna DiBaise, a Amurka, ya tara mutum 30 waɗanda kafe ke damu. An ba su kafen da aka soya ta hanyar da aka saba, da wanda aka soya ta wata hanya ta daban da ake tallar cewa ba ta tayar da ciki, ba tare da sun san wanne suke sha ba. Yawancinsu sun ji ƙwannafi ko damuwar ciki da duka biyun, ba a ga wani bambanci na kirki ba.

Inda aka ga ɗan haske shi ne wajen yawan suya. Idan aka soya ƙwayar har ta yi baƙi sosai, zafin wuta yana lalata wasu sinadaran da ke zuga tumbi, ya kuma haifar da wani sabo da masana ke taƙaita sunansa NMP, wanda ke rage zubowar ruwan tumbi. Wata tawaga ƙarƙashin malama Veronika Somoza ta nuna a 2014 cewa kafe mai baƙar suya bai kai mai matsakaiciyar suya tayar da ruwan tumbi ba. Sai dai mutum 9 kacal aka gwada, kuma dukansu lafiyayyu ne, ba masu fama da ƙwannafi ba. Alama ce mai kyau, amma ba ta kai a ce an samu magani ba. Kuma a sani, baƙar suya ba ta rage kafeyin wani abin kirki.

Cire kafeyin shi ne ya fi samun hujja. A Jamus, a 1994 da 1997, an sa wa mutane wata ƴar na'ura cikin bututun abinci mai auna sau nawa ruwan tumbi ke hawa. Da aka ba su kafen da aka cire wa kafeyin, hawan ya ragu idan aka kwatanta da kafe na yau da kullum, har ga masu ciwon ƙwannafi. Bai ɓace duka ba, amma ya ragu. Irin wannan kafe shi ne ƴan boko ke kira deka, akan same shi a manyan kantuna, musamman a Yamai.

Jiƙo da ruwan sanyi fa?

Wannan hanya ta yi suna a ƙasashen waje. Ana zuba niƙaƙƙiyar ƙwaya mai tsaki-tsaki cikin ruwan sanyi, kamar giram 60 a lita ɗaya, a bar ta ta kwana awa 12 zuwa 18, sannan a tace. Abin da ke fitowa yana da laushi a baki, ɗaci kaɗan. Shi ya sa ake ta cewa ba shi da tsami.

A 2018 wasu malaman kimiyya biyu na jami'ar Thomas Jefferson da ke Amurka, Niny Rao da Megan Fuller, suka auna. Suka tarar pH na jiƙon sanyi da na dahuwar zafi duk suna tsakanin 4.85 da 5.13, kusan abu ɗaya. Bambancin da suka gani shi ne ruwan zafi ya fi tatso jimillar sinadarai masu tsami daga ƙwayar. Don haka akwai ɗan bambanci, amma a cikin kofi aka auna shi, ba a cikin mutum ba. Kuma jiƙon sanyi yana ɗauke da kafeyin ɗinsa daram. Idan an yi shi da kauri ba a sirka da ruwa ba, yana iya fin na zafi ƙarfi.

Akwai abu biyu da ya kamata mu nan mu lura da su. Na farko, neskafe ba ya zama jiƙon sanyi. Tun a masana'anta an riga an dafa shi da ruwan zafi, aka busar ya zama gari. In ka kaɗa shi cikin ruwan randa, kafen da aka dafa ne ka sha da sanyi, ba abin da ya canza. Na biyu, da irin zafin garinmu, wanda zai jiƙa ƙwaya ta kwana to ya sa ta cikin firigo, a cikin kwalba mai tsabta da murfi. In ba haka ba, garin gudun ƙwannafi sai a gamu da gudawa.

Saboda haka, a cikin duk abin da ake kira dahuwa mai sauƙi, wanda ya fi tabbas shi ne mafi arha: rage yawan garin da ake zubawa.

Mu ɗauki misali

A ce ga wani ɗan kabu-kabu. Ƙarfe 6 na safe ya tsaya wurin mai shayi, ciki ba kome, aka zuba masa cokali 3 na neskafe da madarar gwangwani mai kauri da sukari, ya bi da taba sigari. Bayan azahar ya ƙara cokali 2. Da dare ya ci tuwo da miya mai mai da yaji wajen ƙarfe 9, ya sha cokali 2 a fada don ya ƙara ƴan awowi yana aiki, ƙarfe 11 ya kwanta. Tsakar dare zafin ƙirji ya tashe shi.

Ƙaramin cokali ɗaya na neskafe kamar giram 2 ne, yana ɗauke da kafeyin wajen miligiram 60. Cokali 7 a rana ya kama miligiram 420. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce babban mutum mai lafiya kar ya wuce miligiram 400 a rana, mace mai juna biyu kuma 200. Mutumin namu ya riga ya haura, ba a ma lissafa shayin fada da goro ba, alhali su ma suna da kafeyin.

Idan ya je ya sayi kafe mai ƙarancin tsami ya ci gaba da wannan tsari, da wuya ya ga canji. Ga abin da ya fi masa.

Satin farko, ya rage a hankali. Ya fara da cire na dare, na safe ya koma cokali 2, bayan kwana uku ya koma 1, na rana ma haka, har ya daina. Dalilin bi a hankali shi ne wanda ya saba da kafeyin in ya tsaya dare ɗaya, ciwon kai da kasala na kama shi bayan awa 12 zuwa 24, suna iya kai sati. Da yawa a nan suke karaya su koma.

Sati biyu na gaba, ba kafe ko kaɗan, amma sauran abubuwa ya bar su yadda suke. Wannan shi ne muhimmi: in ya canza kome da kome lokaci guda, ba zai san wane ne mai laifin ba. Kowace rana ya lura, ko ya sa alama a takarda: yau ƙwannafi ya taso ko bai taso ba, da rana ne ko da dare.

Daga nan hanya biyu ce. In zafin ya tafi ko ya ragu sosai, to kafe na da hannu. Sai ya dawo da shi kaɗan: cokali 1, bayan ya ci wani abu, da safe kawai, ya duba kwana uku ko huɗu. In lafiya lau, ya samu iyakarsa. In zafin ya dawo, a nan ne ya dace ya gwada deka, ko ƙwaya mai baƙar suya in yana da halin samu, ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ya yi sati biyu ba kafe amma zafin na nan yadda yake, to an wanke kafe, sai a nemi ɓarawon a wani wuri.

Su wa ke ɓoyewa bayan kafe

A misalin nan namu, waɗanda ake tuhuma suna da yawa. Taba sigari tana sassauta ƙofar tumbi, wannan ba gardama a kansa. Abinci mai maiƙo yana daɗewa cikin tumbi. Kwanciya da cikakken ciki ita ce babba: mutum na tsaye, nauyi na riƙe ruwan a ƙasa; da ya miƙe a tabarma, hanya ta buɗe. Shi ya sa likitoci ke cewa a bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya. Wanda ke fama da na dare ya ɗaga gefen kan gadonsa da santimita 15 zuwa 20, da bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafun gadon, ba tara matasai ba, kuma kwanciya ta gefen hagu ta fi. A watan azumi ma haka abin yake: a cika ciki da sahur, a bi da kafe mai ƙarfi, a koma barci bayan sallar asuba, ƙwannafi ya samu abin da yake so. Ƙiba, musamman tumbi, da juna biyu su ma suna matsa ciki su tura ruwan sama.

Wanda kuma damuwarsa ba zafin ƙirji ba ce, murɗar ciki ce da kumburi da zawo bayan kafe, ya duba madarar. Manya da yawa ba sa narkar da sukarin da ke cikin madara yadda ya kamata. Ya gwada kafen ba madara na ƴan kwanaki zai gane. Shi kansa kafen yana motsa hanji, wasu cikin ƴan mintoci sai sun nemi ban ɗaki. In ba zawo ko ciwo, wannan ba cuta ba ce.

Sai maganar gyambon ciki, wanda muke ce wa olsa. Kafe ba ya haddasa shi, ko da yake yana iya tayar wa mai shi da zafi. Manyan masu haddasa shi biyu ne. Ɗaya ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta pilori, wadda likitoci biyu ƴan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano aikinta har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gwajinta, kuma tana da magani. Na biyu magungunan ciwon jiki ne irin su ibufurofen, dikulofenak da asfirin. Wanda ke sayen su hannun masu talla, ya haɗiye da kafe da safe ciki ba kome don ya ji ƙarfin aiki, shi ne ke cikin haɗari na gaske, kuma canza irin kafe ba zai cece shi ba.

Haka nan jiƙa kanwa ko bikarbonat a sha. Yana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma suna ɗauke da sinadarin gishiri mai yawa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mace mai ciki su kiyaye, kuma kowa ma kar ya mai da shi abin kullum.

Lokacin da za a bar gwaji a tafi gidan likita

Gwajin da muka bayyana na mai ƙwannafi ne na jefi-jefi. Amma akwai alamun da ba a jira da su: abinci yana maƙalewa ko haɗiya tana ciwo, amai da jini ko amai baƙi mai kama da tukar kafe, bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, rama ba dalili, amai da ya ƙi tsayawa, ko jiri da ƙarancin jini. Haka wanda ya manyanta kuma abin sabo ne gare shi, da wanda ke jin ƙwannafi sau biyu ko fiye a kowane sati har tsawon makonni. Akwai magunguna masu rage ruwan tumbi, kamar omefirazol, amma likita ne ya kamata ya faɗi yawan da za a sha da tsawon lokaci.

Sai babban kashedi: ciwon zuciya yakan yi shigar ƙwannafi. In zafin ƙirjin ya zo da nauyi kamar an ɗora dutse, yana tafiya zuwa hannu, kafaɗa ko muƙamuƙi, da zufa da ƙarancin numfashi, ko yana tasowa in an yi tafiya ko aikin ƙarfi, kar a tsaya shan kanwa. A garzaya asibiti nan take.

A taƙaice dai, rubutun ƙarancin tsami a jikin gwangwani ba shi da wata hujja mai ƙarfi a bayansa. Baƙar suya da jiƙon sanyi na iya ɗan taimaka wa wasu, deka ta fi su samun shaida. Amma kafin ka kashe ko dala, ka ƙirga cokalin da ake zuba maka, ka duba ƙarfe nawa kake sha, ka kuma duba me ke raka kafen. Allah ya ƙara mana lafiya.